Neman Sauya Sashen Kwantiragi ta Imel: Wace Takarda ce ke Aiki Kafin a Amince?

Amsoshin da ke ƙasa duk a kan misali ɗaya aka gina su, don kada magana ta tsaya a sama. A ce wani dillalin shinkafa a Bunza ya sa hannu a kwantiragi da wani kamfanin casar shinkafa a jihar Kebbi ranar 15 ga Janairu. Zai kai shanshera tan 300 a kashi uku, kowane kashi tan 100, a kan naira 400,000 kowane tan. Sashe na 5.2 ya ce kashi na biyu ya isa sikelin kamfani kafin ƙarshen ranar 30 ga Afrilu. Sashe na 9 ya ɗora tarar kashi 1 cikin 100 na kuɗin kayan a kan kowane mako na jinkiri. To, girbin rani ya makara, abin da aka yanke ma bai bushe ya sauko danshin kashi 14 cikin 100 da kamfani ke karɓa ba. Dillali yana son a ɗaga ranar zuwa 21 ga Mayu. Farashin da ranakun na misali ne, amma ƙa'idojin na gaske ne.

Idan na aika imel ina neman a sauya sashe, kwantiragin ya sauya ke nan?

A'a. Yadda mutum biyu suka ƙulla shi, haka sai mutum biyu za su sauya shi. Imel ɗinka roƙo ne ko tayi, kuma har sai ɗaya ɓangaren ya amince ta hanyar da kwantiragin ya yarda da ita, ranar 30 ga Afrilu tana nan a kanka.

Akwai masu jin tsoron akasin haka, wai idan sun nemi gyara tsohuwar yarjejeniya ta rushe. Wannan tsoron daga wata ƙa'ida ya samo asali: lokacin ciniki, idan aka yi maka tayi ka mayar da naka daban, tayin farko ya mutu. Amma wannan kafin a ƙulla ne. Kwantiragin da aka riga aka sa wa hannu ba ya mutuwa don wani ya ce a duba masa wani sashe. Abin da ke kawo matsala shi ne lafazin da aka yi amfani da shi. "Muna neman a ɗaga ranar" roƙo ne. "Ba za mu kawo ranar 30 ba" sanarwa ce cewa za ka saɓa alkawari, kuma kamfani na iya riƙe ta hujja ya ce kai ka fara warwarewa, ya tafi ya sayi kayansa a Jega ko Suru, sannan ya nemi ka biya bambancin farashi.

Me zan duba a cikin kwantiragin kafin in rubuta komai?

Ka buɗe ƙarshen takardar, wurin da yawancin mutane ba sa karantawa. Ka nemi sashen da ya faɗi yadda ake gyara. A kwantiragin Turanci ana rubuta masa take kamar `Variation` ko `Amendment`; a misalinmu shi ne sashe na 14. Mafi yawa cewa yake ba wani gyara da zai yi aiki sai a rubuce, da sa hannun ɓangarorin biyu. Wani ya ƙara cewa sai wanda kamfani ya ba izini, wani ma ya ambaci darakta.

Sai sashen sanarwa, mai take `Notices`. Shi ke faɗin inda ake aika takarda da kuma ko imel ya wadatar. Na ga kwantiragin da ya ce sanarwa sai an kai ta hannu da hannu ofishin kamfani an sa hatimin karɓa. A irin wannan, ka aika imel ɗin don sauri, ka kuma buga shi ka kai, ka karɓo kwafi mai hatimi.

Daga nan ka bi sawun sashen da kake son taɓawa, domin da wuya ya tsaya shi kaɗai. A misalinmu, idan aka ɗaga 5.2 aka manta da sashe na 9, wanda ya ce tara na farawa "daga 1 ga Mayu" maimakon "daga ranar da 5.2 ya ambata", an ɗaga maka rana amma tara na ci gaba da hawa. Haka ranar kashi na uku da ranar biya.

Yaya zan tsara imel ɗin?

Taken saƙon ya faɗi komai tun kafin a buɗe:

```
Shawarar gyara sashe 5.2, kwantiragin 15 ga Janairu (Subject to contract)
```

Cikin saƙon kuma kamar haka:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Game da kwantiragin samar da shanshera da muka sa wa hannu ranar 15 ga Janairu, muna gabatar da shawarar gyara sashe na 5.2 kaɗai.

Yadda yake yanzu: 'Mai sayarwa zai kai kashi na biyu, tan 100, kafin ƙarshen ranar 30 ga Afrilu.'

Yadda muke neman ya koma: 'Mai sayarwa zai kai tan 40 na kashi na biyu kafin ƙarshen ranar 25 ga Afrilu, sauran tan 60 kuma kafin ƙarshen ranar 21 ga Mayu. Tarar sashe na 9 za ta fara ne daga waɗannan ranaku.'

Dalili shi ne girbi ya makara, kuma ba ma son kawo muku kaya mai danshi.

Wannan saƙo shawara ce kawai. Kwantiragin 15 ga Janairu, har da sashe na 5.2 yadda yake, shi ne ke aiki a kanmu da ku, har sai mun sa hannu a takardar gyara kamar yadda sashe na 14 ya tanada. Babu abin da ke cikin wannan saƙo ko amsarsa da zai zama gyara, ko yafe wani haƙƙi, kafin nan. Muna roƙon amsarku kafin 18 ga Afrilu. Bayan wannan rana shawarar ta faɗi sai an sabunta ta."

Sakin layi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan saƙon. Ya kira takardar da ke aiki da ranarta, ya faɗi abin da zai kawar da ita, ya kuma sa wa tayin wa'adi. Ba tare da wa'adi ba, kamfani na iya dawowa bayan wata guda ya ce ya karɓa, alhali kai ka riga ka ci bashi ka cika motoci don tsohuwar rana.

Dole ne in kwafo tsohon lafazin? Ai suna da takardar.

Suna da takarda, amma wace? Kafin a sa hannu an yi ta musayar daftari, kuma a kwamfutar manajan saye mai yiwuwa akwai guda uku masu suna iri ɗaya. A ɗaya daga ciki sashe na 5.2 maganar buhuna yake, ba rana ba. Idan ka kwafo lafazin kalma da kalma daga wadda aka sa wa hannu, ba mai cewa daga baya wani sashe ya fahimta. Ka kuma liƙa hoton wadda aka sa wa hannun a matsayin `PDF`.

Lauyoyi na rubuta `Subject to contract`, wasu kuma `Without prejudice`. Wanne zan sa?

Aikinsu daban ne, kuma ana yawan musanya su. Na farko yana cewa duk abin da muke tattaunawa bai ɗaure kowa ba sai an sa hannu a takarda. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar da ƙarfinsa a shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola a 1988, inda aka yi ta musayar wasiƙu a kan hayar wani gini a Legas da wannan take a kansu, kotu ta ce ba a ƙulla yarjejeniya ba. Shi ne ya dace da imel na neman gyara.

Na biyu na lokacin rigima ne. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar da ke cikin takarda mai wannan take a matsayin hujja, idan an rubuta ta ne wajen neman sulhu a wajen kotu. Idan ba rigima tsakaninku, ba abin da zai ƙara maka. Zai ma iya zame maka ƙaya, domin ranar da kake son nuna wa alƙali cewa ka sanar da su tun 10 ga Afrilu, lauyansu zai tashi ya ce wannan takarda ba ta shiga. Idan kuwa an riga an wuce 30 ga Afrilu, kamfani ya fara maganar tara, kana neman a sasanta, to nan ne wurinsa.

A ganina kada ka dogara da take kaɗai, ko wanne ne. Ka faɗi maganar a cikin saƙon da cikakkiyar jimla, yadda aka yi a sama.

Manajan saye ya amsa: "Ba damuwa Alhaji, Allah ya kawo mu lokacin." Shi ke nan an ɗaga?

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari mu tsaya a kai.

Da farko, wannan amsa ba ta ce komai a kan lafazin da ka kawo ba. "Ba damuwa" a bakinmu tana iya nufin na amince, tana iya nufin na ji zan duba, tana iya nufin kada ka tayar da hankalinka. Mutum mai kunya ba zai ce wa dattijon da suka daɗe suna ciniki "a'a" kai tsaye ba.

Na biyu, wa ya ba manajan ikon gyara? Shi aikinsa karɓar kaya da duba danshi. Idan darakta ne ya sa hannu ranar 15 ga Janairu, kuma sashe na 14 ya ce sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu, to akanta ba zai kalli "ba damuwa" ba ranar biya. Zai buɗe kwantiragi, ya ga 30 ga Afrilu, ya ga takardar sikeli ta 21 ga Mayu, ya lissafa mako uku. Tan 100 a naira 400,000 miliyan 40 ne. Kashi 1 cikin 100 naira 400,000 a mako. Mako uku miliyan 1 da dubu 200. Idan tarar a kan tan 60 da suka makara kaɗai aka lissafa, naira 720,000. Wanne ne daidai, lafazin sashe na 9 zai faɗa, amma ko wanne ne daga ribarka zai fita.

Shin ba ka da abin cewa a kotu? Kana da shi. Sashe na 169 na Dokar Shaida ya ce wanda ya sa wani ya gaskata abu, da magana ko da aiki, har ya yi aiki a kai, ba a bari ya dawo ya musa. Sashe na 128 kuma, duk da ya hana a sauya rubutacciyar yarjejeniya da shaidar baki, ya bar ƙofa ga yarjejeniyar gyara da aka yi daga baya. Sai dai akwai abu biyu a gabanka. Kai da kanka ka rubuta cewa ba abin da zai sauya sai an sa hannu, don haka da wuya ka ce an ruɗe ka. Sannan kotuna na ƙara girmama sashen da ya ce gyara sai a rubuce: a 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Rock Advertising da MWB, ta ce gyaran da aka yi ta waya bai yi aiki ba saboda irin wannan sashe. Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma lauyoyi na kawo irinsa alƙalai na saurara. Kuma ko za ka ci, shari'ar za ta iya cin abin da ya fi naira 720,000, ta ci cinikin baɗi a kai.

Abin yi mai sauƙi ne. Ka mayar da amsa a ranar: "Na gode, Yallaɓai. Ga takardar gyara a liƙe don sa hannun mai girma darakta. Kafin ta dawo, muna nan a kan kwantiragin 15 ga Janairu." Ka danna `Reply All`, ka sa wanda ya sa hannu tun farko a `Cc`. Ba raina manaja ba ne. Shi ma ka fitar da shi daga tuhumar cewa ya yi abin da ba huruminsa ba.

Idan a waya ko a `WhatsApp` ya faɗa, haka dai za ka yi: ka rubuta imel ka ce kamar yadda muka yi magana yau da misalin ƙarfe goma, sannan ka maimaita cewa ana jiran sa hannu.

Sun yi shiru. Zan iya rubuta cewa idan ban ji daga gare su ba cikin kwana uku, na ɗauka sun amince?

Rubutawa kam za ka iya, amma ba ta da ƙarfi. Doka ba ta ɗaukar shiru a matsayin karɓar tayi, kuma ba ka da ikon ɗora wa wani cewa shirunsa yarda ne. Ka tunatar da su, ka buga waya, ka ci gaba da shirin 30 ga Afrilu.

Sun dawo da nasu gyaran: 14 ga Mayu maimakon 21. Yanzu takardu sun zama uku. Wace ce ke aiki?

Ta 15 ga Janairu, har yanzu. Amsar tasu sabon tayi ce, kuma ta kashe naka na 21 ga Mayu. Ba za su dawo jibi su ce sun karɓe shi ba sai ka sake miƙa shi. Amma ba ta taɓa kwantiragin ba.

A wannan mataki ne ruɗani ke shigowa ta sunan fayil. Ka ga wani ya aiko da abu mai suna `final`, gobe `final 2`, jibi `final corrected`. Ka riƙa sa lamba da rana da matsayi:

```
Kwantiragi_sa-hannu_15-01.pdf
Gyara1_daftari-v1_10-04.docx
Gyara1_daftari-v2_15-04.docx
```

Daftari ya yi yawo a `Word` da `Track Changes` a kunne, don a ga abin da aka goge da abin da aka ƙara; wanda aka sa wa hannu kuma ya zauna a `PDF`. Idan suka dawo maka da daftari fes babu alamar gyara, kada ka karanta sashe na 5.2 kaɗai ka rufe. A `Word` akwai `Compare` a ƙarƙashin `Review`; ka haɗa naka da nasu ya nuna maka duk bambanci. Ba lallai ha'inci ba ne, wani lokaci sakatare ne ya buɗe tsohon fayil, amma ta haka ne biyan kwana 14 ke komawa kwana 30 ba wanda ya lura.

A kowace amsa ka maimaita jimlar nan ɗaya, cewa kwantiragin 15 ga Janairu ne ke aiki. Imel na biyar da ya zo ba ita, da kalmar "mun amince" a ciki, shi lauya zai ɗauko ya ce a nan aka ƙulla.

Me ya sa a misalin aka ce za a kai tan 40 da wuri? Ba ɗaga rana kawai ake nema ba?

Saboda a dokar kwantiragi da kotunanmu ke bi, alkawari yana ɗaure mutum ne idan ya sami wani abu a madadinsa. Gyaran da ɓangare ɗaya kaɗai ya amfana da shi yana da rauni. Ana iya cewa alfarma ce aka yi, kuma mai alfarma na iya janyewa idan ya ba da sanarwa. Da dillali ya ce zai kai tan 40 ranar 25, kwana biyar kafin tsohon wa'adi, kamfani ya sami abin da ba shi da haƙƙinsa a da. Idan ba abin da za ka iya bayarwa, ka ce wa lauya ya tsara takardar a matsayin `Deed of Variation`, wadda ba ta buƙatar musaya.

Wani abin lura ga wanda aka biya shi kuɗin kaya tun farko, irin cinikin salam: kayan sun zama bashi a kansa, kuma ƙara buhuna don a ƙara masa lokaci shi ne abin da malamai ke kira riba, wato kuɗin ruwa. A nan kada a nemi musaya ta hanyar ƙari. A tambayi malami tare da lauya kafin a rubuta.

Me takardar gyaran za ta ƙunsa? Kuma sai mun haɗu ido da ido?

Shafi ɗaya ya isa. Ta ambaci kwantiragin da ranarsa da sunayen ɓangarori, ta ce an cire sashe na 5.2 an maye gurbinsa da lafazi kaza, ta faɗi ranar da gyaran ya fara aiki, ta ce duk sauran sassa suna nan yadda suke, kuma idan aka sami saɓani tsakanin takardun biyu, ta gyara ce gaba. A sa mata lamba, Gyara na 1, don idan an sake a watan Yuni a san jerin. Idan akwai wanda ya tsaya maka, ko banki da ya ba da garanti, a sanar da shi ya sa hannu. Sauya wa'adi ba da saninsa ba na iya sauke masa nauyin da ya ɗauka.

Haɗuwa ba dole ba ce. Sashe na 93 na Dokar Shaida ya yarda da sa hannu ta na'ura, don haka kowa na iya sa hannu ya ɗauki hoto ya aiko, in dai kwantiragin bai ce sai da biro a gaban shaidu ba. Wannan sauƙin ma shi ne dalilin taka tsantsan: sunanka da ke fitowa a ƙasan kowane imel, ana iya jayayya cewa sa hannu ne. Shi ya sa jimlar kariya ta ce "takardar gyara", ba "a rubuce" kawai ba, tunda imel ma rubutu ne. Abin da ya shafi fili ko gida kuwa, a bar wa lauya, yana da nasa ƙa'idojin.

Kotu na karɓar imel hujja?

Tana karɓa, a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida, amma da sharaɗi: sai an nuna cewa na'urar da ta fitar da shi tana aiki daidai, yawanci da takardar shaida daga wanda ke kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Don haka kada ka goge asalin saƙon ka riƙe hoton allo kawai, kuma ka yi amfani da adireshin da aka rubuta a kwantiragi, ba na ɗanka da ke taya ka bugawa ba.

Ranar 30 ga Afrilu ta zo, darakta ya yi tafiya, ba a sa hannu ba. Me zan yi?

Ka yi aiki da takardar da ka ce ita ke aiki. Duk abin da ya bushe ka loda ka kai, ko tan 40 ne ko 55, ka karɓi takardar sikeli mai rana. A ranar ka rubuta musu cewa ka kai tan kaza a ƙarƙashin kwantiragin 15 ga Janairu, saura tan kaza, kuma ka sabunta shawarar gyara, tana jiran sa hannu. Ka nemi wani mai izini, ko da ta imel ne, ya rubuta cewa kamfani ba zai lissafa tara ba daga 1 zuwa 21 ga Mayu. Wannan bai kai gyara ƙarfi ba, amma ya fi "ba damuwa" nesa ba kusa ba. Idan darakta ya dawo ranar 6 ga Mayu, a rubuta ainihin ranar da ya sa hannu, kada a mayar da ita baya, sannan a ƙara layi ɗaya a takardar: gyaran ya fara aiki daga 30 ga Afrilu, kuma kamfani ya yafe duk tarar da ta hau tsakanin wannan rana da ranar sa hannu.